Yadda Mai Fassarar Hausa Zai Gina Shafinsa a Upwork Tun Kafin Ya Samu Tauraro Ko Ɗaya

Ƙanena ya shekara uku yana fassara wa wata ƙungiyar agaji saƙonnin kiwon lafiya daga Turanci zuwa Hausa. Da kwantiraginsa ya ƙare sai ya buɗe shafi a Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu neman aiki da masu ba da shi, ya zauna jiran aiki. Wata biyu shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ranar da ya miƙo mini wayarsa na duba, nan take na ga inda gizo ke saƙar. Ya rubuta cewa shi ƙwararren mai fassara ne, mai gaskiya da riƙon amana, mai cika alkawari, kuma yana fassara, yana rubutu, yana zanen tambari, yana shigar da bayanai a kwamfuta. Babu ƙarya a ciki, duk yana iyawa. Amma babu kalma ɗaya da baƙo zai iya tabbatarwa daga inda yake zaune.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, mutumin da zai ba ka aikin fassarar Hausa, galibi ba ya jin Hausa. Manajan aiki ne a wani kamfanin fassara, ko ma'aikaciyar wata ƙungiya, ko mai manhajar waya da ke son shiga kasuwar Arewa. Ko ka fassara masa da Hausar da za ta burge malaman jami'a, ba zai gane ba. Taurari da sharhin waɗanda suka riga shi ba ka aiki su ne idonsa, kai kuma ba ka da su tukuna. Don haka duk aikin shafinka shi ne ka samar masa wasu abubuwan da zai iya dubawa da kansa. Ga yadda muka sake gina shafin ƙanen nawa, daki-daki.

Na farko: suna, hoto da tantancewa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Sunan da ke shafinka ya zama shi ne a katin shaidarka, shi ne kuma a asusun bankin da za a turo maka kuɗi. Mu Hausawa muna da matsala a nan: Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a bakin mutane. Daidaita su tun yanzu, kada sai kuɗi ya maƙale ka fara zarya. Hoto ya zama na fuskarka, kai kaɗai, da haske mai kyau, bayanka bango. Hula ko hijabi ba sa hana komai, amma hoton biki da aka yanko ka daga cikin abokai yana hanawa. Idan dandalin ya nemi ka tantance kanka da katin shaida, yi a ranar. Kada ka rubuta cewa kana Landan alhali kana Zariya. Ana rufe shafi a kan haka, kuma ga mai fassarar Hausa zama a ƙasar Hausa ai shi ne jarinsa.

Na biyu: taken shafi

Layin da ke ƙarƙashin sunanka gajere ne, bai wuce haruffa 70 ba, kuma da shi ake samo ka idan an yi bincike. Mai neman mai fassara yana rubuta sunan harshe ne da irin aikin. Saboda haka harsunan su zo a farko, fannin ya biyo baya. Na ƙanena ya koma haka:

```
English to Hausa Translator | Public Health, Surveys, Consent Forms
```

Ya yi ta gardama a kan zanen tambarin da muka cire, wai rage wa kai kasuwa ne. Na ce masa, idan ka shiga Kantin Kwari neman shadda, ka ga rumfar da aka jera shadda da taya da maganin sauro, za ka tsaya? Wanda ke da taurari ɗari zai iya jera sana'a biyar, mutane su yarda. Sabon shiga kuwa, sana'a ɗaya da fanni ɗaya ko biyu su ne ke sa a ɗauke shi da muhimmanci. Zaɓi fannin da ka taɓa aiki a cikinsa da gaske: lafiya, noma, shari'a, manhajar waya, ko rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo.

A wajen harsuna, dandalin yana ba da matakai, mafi girmansu `Native or Bilingual`. Sa wa Hausa wannan. Turanci kuma ka faɗi gaskiya. Idan `Fluent` ne matsayinka, sa shi. Saƙonka na farko ma zai tona asirin wanda ya kai kansa inda bai kai ba.

Na uku: bayanin kai

An ba ka fili mai yawa a wajen da ake kira `Overview`, amma layi biyu ko uku na farko kaɗai ake gani kafin a latsa a buɗe sauran. Kada ka ɓata su da sallama da gabatar da suna, sunanka yana sama. Fara da abin da kake yi da wanda kake yi wa. Da Turanci za ka rubuta, amma ga ma'anar abin da muka sa:

Ina fassara saƙonnin kiwon lafiya, takardun tambayoyin bincike da takardun neman amincewar majiyyaci daga Turanci zuwa Hausa. Na yi shekara uku ina wannan aiki a wata ƙungiyar agaji a arewa maso gabashin Najeriya, inda ake karanta fassarata da baki ga mutanen da ba su yi boko ba.

Ka lura babu "ƙwararre", babu "amintacce". Akwai irin takarda, akwai shekaru, akwai wuri, akwai masu sauraro. Duk siffar da ka ji tana son fitowa daga bakinka, tambayi kanka wane abu ne ya faru da ya sa ka cancance ta, sai ka rubuta abin da ya farun.

Sakin layi na biyu ya bayyana yadda kake aiki, domin wanda ba zai iya auna Hausarka ba zai iya auna tsarinka. Mun rubuta cewa yana fara fitar da jerin muhimman kalmomi ya aika wa mai aiki ya amince kafin ya shiga fassara. Yana tara tambayoyinsa ya aiko su a saƙo ɗaya. Yana karanta fassarar da ƙarfi kafin ya miƙa. Yana mayar da takarda a irin tsarin da aka aiko ta. Sannan adadin da yake iya yi: kalma 1,500 a rana. Ya so ya sa 3,000. Masu fassara da suka daɗe a sana'ar ma wajen kalma 2,000 zuwa 2,500 suke yi a yini idan ana son aiki mai kyau, kuma manajan da ya saba ya san haka. Ga kuma wutar lantarki da ba ta da alkawari. Ka faɗi abin da za ka iya cikawa ranar da aka ɗauke wuta.

Sai abu na uku, wanda yawancin masu fassarar Hausa ke mantawa: faɗi wace Hausa kake rubutawa, kuma da wane rubutu. Ka ce kana rubuta daidaitacciyar Hausa da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ka kuma ba da misali ɗaya na dalilin da ya sa hakan ke da muhimmanci: "kafa" daban, "ƙafa" daban, a takardar asibiti kuwa wannan ba wasa ba ne. Ka ce idan masu karatun 'yan Nijar ne a sanar da kai, domin can ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma kalmomin aro da yawa daga Faransanci suka zo, yaro yana zuwa lakwal ne a Maraɗi ko Damagaram. Mai ba da aiki da bai taɓa sanin wannan bambanci ba, daga karanta layin nan ya san ya haɗu da wanda ya fi shi sanin abin da yake nema. Idan kana iya rubutun ajami, faɗa, masu iyawa a dandalin ba su da yawa. Idan kana aiki da wata manhajar fassara, ambaci wadda ka taɓa buɗewa da hannunka kawai. OmegaT da Matecat kyauta ne, kana iya koyon ɗaya a mako guda kafin ka rubuta sunanta.

Wani gargaɗi: kada ka sa lambar waya, adireshin imel ko na WhatsApp a shafin. Dokar dandalin ta hana musayar su kafin a ƙulla kwantiragi. Kuma idan ka gama, ba wani mai kyakkyawan Turanci ya duba maka. Kuskuren Turanci ɗaya a bayanin mai fassara ya fi rashin tauraro illa, don shi ne kaɗai harshen da mai aikin zai iya kama ka a kai.

Na huɗu: samfurin aiki

A nan ne ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Wajen da ake kira `Portfolio` shi ne zai tsaya maka a madadin sharhin abokan ciniki, amma yawancin mutane suna cika shi da abin da ba ya amfani: shafi guda na Hausa zalla, wanda ga mai dubawa da shi da bango duk ɗaya.

Samfuri mai aiki ginshiƙi uku gare shi. Na farko asalin Turancin, na biyu fassarar Hausa, na uku gajeren bayani da Turanci a kan dalilin da ya sa ka zaɓi abin da ka zaɓa. Wannan na ukun shi ne ake karantawa. Ga misali daga samfurin ƙanena. Jimlar asali ita ce:

```
Take one tablet twice a day after meals.
```

Ya fassara ta da: "A sha ƙwayar magani ɗaya sau biyu a rana, bayan an ci abinci." A ginshiƙi na uku ya yi bayani biyu. Na ɗaya, Turanci ba ya bambanta mace da namiji idan ana ba da umarni, Hausa kuwa dole ta zaɓa tsakanin "ka sha" da "ki sha". Tun da takardar ta kowa ce, ya yi amfani da "a sha", amma da ta masu juna biyu ce da "ki sha" zai sa. Na biyu, bai rubuta "ƙwaya" ita kaɗai ba, domin a bakin mutane kalmar tana nufin kayan maye, shi ya sa ya ce "ƙwayar magani". Ya kuma ƙara tambaya ga mai aiki: shin a fayyace "safe da yamma", tun da za a karanta wa mutane ne da baki? Bai ƙara da kansa ba, saboda ba ya cikin asali, kuma a maganar magani mai fassara ba ya ƙari sai da izini.

Jimla ɗaya ke nan, amma wanda ya karanta wannan bayani ya ga mutum mai tunani, ya ga wanda ya san inda haɗari yake, ya ga wanda zai yi tambaya maimakon ya yi shaci-faɗi. Samfuri uku irin wannan sun isa, kowanne kalma 150 zuwa 250, da bayani huɗu ko biyar a gefe. Ka bambanta su: ɗaya saƙon wayar da kai, ɗaya tambayoyin bincike, ɗaya takardar amincewa. Ka adana su a matsayin PDF, ka buɗe a wata wayar ka tabbata ƙ da ɗ sun fito, domin wasu nau'o'in rubutu suna mayar da su ƙananan akwatuna. Hoton da zai fito a fuskar samfurin ya zama na teburin nan mai ginshiƙi uku, ba hoton tuta ko na duniya da aka kwaso a intanet ba.

Daga ina za ka samo abin fassarawa? Kada ka ɗora aikin tsohon wurin aikinka ba da izininsu ba. Ni na taɓa yin wannan kuskure a farkon shigata: na ɗora wata takardar bincike da na fassara wa wani kamfani, na goge sunansu ina ganin shi ke nan. Wata manaja da muka fara magana ta tambaye ni ko masu takardar sun san na wallafa ta. Na yi ta kame-kame, daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba. Tana da gaskiya, wanda ya baje takardar wani a kasuwa zai baje tata. Mafita mai sauƙi ce: ka rubuta asalin da kanka, ko ka ɗauko rubutun da lasisinsa ya yarda a sake amfani da shi, kamar maƙalolin Wikipedia, ka ambaci inda ka samo. Sannan ka rubuta a sarari cewa samfuri ne na nuni, ba aikin wani abokin ciniki ba. Wannan gaskiyar ba ta rage maka komai.

Na biyar: shaidun waje

Rashin sharhi a dandalin ba ya nufin ba wanda ya taɓa ganin aikinka. Upwork yana da wajen `Testimonials`, inda za ka roƙi wanda ka yi wa aiki a waje ya rubuta shaida. Za a nemi sunansa, imel ɗinsa na aiki da shafinsa na LinkedIn, sannan dandalin ya duba kafin ta fito. Ƙanena ya kira tsohuwar shugabarsa a waya tukuna, ya ce, "Hajiya, za ki ga saƙo daga wani dandali, ni na turo." Da bai kira ba, da ta ɗauka na 'yan damfara ne ta goge. Ya kuma roƙe ta ta ambaci irin takardun da ya fassara da tsawon lokacin, maimakon ta ce yaron kirki ne. Kada ka sa abokinka ya yi shigar abokin ciniki, kada kuma ka buɗe wani asusun ka ba kanka aiki don ka samu tauraro. Idan aka gano, shafin ne zai tafi gaba ɗaya.

Idan ba ka taɓa yi wa kowa aiki ba, ka samar da sawun da za a iya bi. Fassara maƙaloli biyar a Wikipedia ta Hausa a fanninka. Kowane gyara yana ɗauke da sunan asusunka da kwanan wata, kowa zai iya dubawa. Ko ka yi aikin sa kai da Translators without Borders, waɗanda suka daɗe suna aiki da Hausa da Kanuri a Maiduguri. Digirin Hausa ko na Turanci daga Bayero, Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo, ko takardar NCE, ka sa su da shekarar gamawa. Takardun halartar bita na yini guda kuwa, ba sai ka jera goma ba.

Na shida: farashi

Sabon shiga yakan zubar da farashi ƙasa warwas don ya jawo mutane. Abin da hakan ke jawowa shi ne masu neman banza, masu aikin kirki kuma su yi zaton da inji za ka fassara ka miƙo. Duba shafukan masu fassarar Hausa biyar ko shida da suka yi aiki a dandalin, ka tsaya kaɗan ƙasa da tsakiyarsu. Kuma ka yi lissafi kafin ka furta. A ce takarda mai kalma 1,200 ce, ka sa santi 6 a kowace kalma: dala 72 ke nan. A ce dandalin ya cire kashi 10 cikin 100, saura dala 64.80, kafin kuɗin cirewa zuwa banki. Kason da ake cirewa yana canzawa, ana nuna maka shi a lokacin da kake rubuta tayinka, don haka ka duba shi kowane karo. Aikin zai ci maka yini guda har da bita. Idan abin da ya rage bai biya yininka da datarka da man janareto ba, farashin ya yi ƙasa.

Na bakwai: tayin farko

Shafi mai kyau ba ya kawo aiki shi kaɗai, sai ka nema. Kowane tayi yana cin `Connects`, wato makin neman aiki na dandalin, waɗanda idan sun ƙare saye ake yi, don haka ba a watsa su kamar hatsin kaji. Nemi ƙaramin aiki mai tsayayyen farashi, a fanninka, daga wanda aka rubuta `Payment method verified` a gefen tallarsa, wanda kuma ya taɓa ɗaukar wasu ya biya su.

Tayin da ƙanena ya fara cin nasara da shi bai wuce layi shida ba. Tallar ta nemi a fassara tambayoyin bincike 40 a kan shayarwa. Ya buɗe da tambaya: matan da za a yi wa tambayoyin a Najeriya suke ko a Nijar, kuma karanta musu za a yi ko su za su cike da kansu? Sai ya ce ya fassara irin wannan takarda a baya, ga samfuri na biyu a shafinsa. Ya faɗi ranar da zai miƙa. Bai ɓoye cewa shi sabo ne a dandalin ba; ya ce saboda haka yana ba da shawarar a raba aikin gida biyu, tambayoyi goma na farko su zama matakin farko, matar da ta sa tallar ta ba wani mai jin Hausa ya duba, idan ta gamsu a ci gaba. Haka ya rage mata abin da za ta yi asara idan ya gaza, ba tare da ya yi aiki kyauta ba. Idan aka ce ka yi gwaji, kalma 100 zuwa 200 sun wadatar. Wanda ya turo shafi biyar da sunan gwaji aikinsa yake son a yi masa a banza.

Kada ka taɓa fara aiki sai ka ga an ajiye kuɗin matakin a dandalin, zai nuna maka cewa an zuba. Wanda ya ce ku koma Telegram ku ƙarasa magana, ko ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki, rabu da shi.

Da ya miƙa tambayoyi goman, ya haɗa da ɗan teburin kalmomin da ya zaɓa da dalilansu, irin na samfurinsa. Matar ta amsa tambayarsa cewa a Katsina za a yi binciken kuma da baki za a karanta, ta saki matakin farko, ta zuba kuɗin na biyu. Bayan an rufe kwantiragin ya rubuta mata layi ɗaya, ya ce idan ta samu sarari ta bar sharhi a kan aikin, ta kuwa bari. A daren ya koma bayanin kansa ya ƙara jimla guda a kan binciken shayarwar, bai ambaci sunan ƙungiyarta ba.